Dabarar rabin kusurwa: yadda harafi ɗaya ke kwance ƙullin sayin da kosayin

A cikin tambayoyin da ɗaliban kalkulas ke haɗuwa da su, akwai wani iri da ke tsayar da alƙalami cak. Ga misalinsa:

∫ dx / (5 + 4cos x)

Tambayar gajeriya ce, lambobinta ma ƙanana ne, amma dabarun da ɗalibi ya saba da su duk sai su ƙi aiki a kanta. Kosayin ya shige ƙarƙashin layin rabawa ya zauna, babu kuma wani sayin a sama da za a kama a jawo shi da shi. Maganin wannan ƙulli ya daɗe a littattafai, kuma bai wuce layi ɗaya ba: a ɗauki sabon harafi, t, a ce t = tan(x/2). Daga nan sai sayin da kosayin su ɓace daga takardar gaba ɗaya, a bar mutum da tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Akasarin ɗalibai haddace wannan layi suke yi kamar yadda ake haddace lambar waya, kuma abin yana damuna, domin a bayansa akwai zane guda ɗaya mai sauƙi da ke nuna dalilin da ya sa dabarar ke aiki, ya kuma nuna daidai inda take kayar da mutum.

Bari mu fara da abin da tambayar ke nema. Alamar nan mai kama da doguwar ƙugiya, ∫, ita ce ta intigiral, kuma aikinta tarawa ne. Idan aka zana wata ƙa'idar lissafi a takarda ta fito a matsayin layi mai lanƙwasa, intigiral yana ba da girman filin da ke ƙarƙashin layin. Ana yanka filin sirara-sirara, kowane yanki faɗinsa dx, tsayinsa kuma ƙimar ƙa'idar a wannan wuri, sai a haɗa yankunan duka. Su kuwa sayin da kosayin, 'ya'yan da'ira ne. A zana da'ira wadda nisan tsakiyarta zuwa bakinta ɗaya ne. A tsaya a tsakiya a fuskanci gabas, a juya zuwa wajen arewa da kusurwa x, a dubi ɗigon da ke bakin da'irar a wannan saiti. Nisan da ɗigon ya yi gabas daga tsakiya shi ne cos x, nisan da ya yi arewa kuma shi ne sin x. Haka aka saba kallon da'ira, daga tsakiyarta.

Dabarar rabin kusurwa ta sauya wurin tsayuwa ne kawai. Mai kallo ya bar tsakiya ya koma bakin da'irar, can ƙuryar yamma, wurin da ake rubutawa (−1, 0). Daga nan ya ja miƙaƙƙen layi zuwa ɗigon da muke magana a kansa. Kowane layi yana da hawansa, wato yawan tashin da yake yi arewa a duk taku ɗaya da ya yi gabas. Wannan hawan shi ne t. Layin da ya nufi gabas sak ba ya hawa, t ɗinsa sifili ne, kuma yana sauka a ɗigon da x = 0. Layin da ya nufi ƙololuwar da'irar a arewa yana tafiya taku ɗaya gabas, ya hau taku ɗaya, saboda haka t = 1, a can kuwa x digiri 90 ne. Layukan da suka gangara kudu suna da t mai alamar ɗebewa. Kowane ɗigo a bakin da'irar yana da layinsa, kowane layi yana da lambarsa.

To ina rabin kusurwa ya shigo? A dubi alwatikar da ɗigo uku suka yi: tsakiyar da'ira, wurin tsayuwar mai kallo, da ɗigon da ake kallo. Ɓangarori biyu na wannan alwatika tsawonsu ɗaya, tunda dukansu daga tsakiya suka tashi zuwa baki. Alwatika mai ƙafafu biyu daidai kuwa tana da kusurwoyi biyu daidai. Kusurwar x tana wajen alwatikar, a tsakiyar da'ira, kuma kusurwar waje daidai take da jimillar kusurwoyin ciki biyu da ke nesa da ita. Tunda biyun nan daidai suke, kowacce rabin x ce. Ke nan mai kallo daga baki yana ganin ɗigon a rabin kusurwar da mai kallo daga tsakiya ke ganinsa. Wannan magana tana cikin littafi na uku na Euclid, wanda aka rubuta a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Hawan layi kuma shi ne tanjan ɗin kusurwarsa, sai aka sami t = tan(x/2).

Yanzu a tambayi aljabara: idan na san t, a ina layin zai taɓa da'ira? Mu kira wurin (X, Y). Kasancewarsa a kan layin yana nufin Y = t(X + 1). Kasancewarsa a kan da'ira yana nufin X² + Y² = 1. A saka na farko cikin na biyu:

X² − 1 + t²(X + 1)² = 0

Irin wannan lissafi amsa biyu gare shi, kuma galibi sai an nemo tushen murabba'i kafin a same su. Amma a nan mun riga mun san amsa ɗaya, domin layin daga bakin da'ira ya taso: X = −1. Wannan ya ba mu damar raba komai da (X + 1), sai abin da ya rage ya zama X − 1 + t²(X + 1) = 0, wanda ɗan sakandare zai warware. Sakamakon:

cos x = (1 − t²) / (1 + t²)

sin x = 2t / (1 + t²)

A lura da kyau, babu tushen murabba'i ko ɗaya a ciki. Nan ne sirrin dabarar yake. Da a ce mun ɗauki sin x a matsayin sabon harafi, da kosayin ya koma √(1 − sin²x), tushe ya shigo mana. Da mun ɗauki tan x ba tare da rabawa biyu ba, da sayin da kosayin dukansu sun fito da tushe a ƙarƙashinsu. Tsayuwa a bakin da'ira ce ta ba mu amsa ɗaya kyauta, ta kore tushen.

Ana iya gwada wannan da hannu cikin minti guda. A ɗauki t = 1/2. Sai t² ya zama 1/4, kosayin ya zama 3/5, sayin ya zama 4/5. Ga 3, 4, 5 sun fito, lambobin da magina ke auna igiya da su idan suna son kusurwar harsashin gini ta miƙe daidai. A ɗauki t = 2/3, a sami 5/13 da 12/13, wato 5, 12, 13. A ɗauki t = 1/4, a sami 15/17 da 8/17. Duk lambar bisa da aka ba t, za ta haifo alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa wadda ɓangarorinta cikakkun lambobi ne, kuma babu irin wannan alwatika da ba za a samu ta wannan hanya ba.

Saura abu na uku, wanda aka fi mantawa da shi: dx. Faɗin kowane siririn yanki an auna shi ne da x, yanzu kuma muna so mu auna shi da t, kuma ma'aunan biyu ba sa tafiya da gudu ɗaya. Daga t = 0 zuwa t = 1, x ya ci digiri 90 cif. Amma daga t = 10 zuwa t = 11, x yana motsawa ne daga wajen digiri 168.6 zuwa 169.6, digiri ɗaya kacal. Abin ya yi kama da canjin kuɗi: wanda ya mayar da naira sefa dole ya san farashin canji, sai dai a nan farashin yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Daga x = 2arctan t ake samo farashin:

dx = 2dt / (1 + t²)

Shi ma babu tushe a cikinsa, kuma ƙasansa 1 + t² ne, irin na sayin da kosayin. Wannan dacewa ita ke sa abubuwa da yawa su soke juna a lokacin aiki. Sharaɗi ɗaya: dole a auna x da radiyan, inda digiri 180 yake daidai da π.

Mu koma kan tambayarmu. Da farko a gyara abin da ke ƙarƙashin layin rabawa:

5 + 4cos x = 5 + 4(1 − t²)/(1 + t²) = (9 + t²)/(1 + t²)

Tara ta fito ne daga 5 + 4, shi kuma t² daga 5t² − 4t². Tunda wannan yana ƙasa, juya shi za a yi, sannan a ninka da farashin canji. Sai 1 + t² na sama ya soke na ƙasa, a wayi gari da:

∫ 2dt / (9 + t²)

Wannan sananniya ce, tana cikin jadawalin kowane littafin kalkulas. Amsarta (2/3)arctan(t/3) + C. A mayar da t asalinsa, a sami (2/3)arctan(tan(x/2)/3) + C.

Kada a yarda da amsa sai an gwada ta. A nemi filin daga x = 0 zuwa digiri 90, wato daga t = 0 zuwa t = 1. Amsar ita ce (2/3)arctan(1/3), kimanin 0.2145. Shin ta yi kama da gaskiya? A farkon tafiyar tsayin layin 1/9 ne, a ƙarshe 1/5, faɗin filin kuma π/2, kimanin 1.571. Ke nan filin ba zai gaza 0.175 ba, ba kuma zai wuce 0.314 ba. Tunda layin ya daɗe yana ƙasa-ƙasa kafin ya fara tashi (a digiri 45 tsayinsa bai kai 0.13 ba), ya kamata amsar ta fi kusa da ƙaramar iyakar. Haka kuwa aka samu.

Abin da ya faru a wannan misali ba sa'a ba ce. Duk ƙa'idar da aka gina da sin x da cos x ta hanyar tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa kaɗai, idan aka zuba mata waɗannan musanye-musanye uku, za ta koma kason aljabara a cikin t: jerin t, t², t³ da lambobinsu a sama, wani jerin irinsa a ƙasa. Tanjan da sauran danginsa ma sun shiga ciki, tunda daga sayin da kosayin ake gina su. Shi kuwa kason aljabara, an daɗe da sanin yadda ake yi da shi. Ana farfasa shi zuwa ƙananan kaso masu sauƙi, kowanne kuma intigiral ɗinsa ba ya wuce ɗaya daga cikin abu uku: wani kason aljabara, ko logaritim, ko arctan. Saboda haka dabarar tana ba da tabbacin da ba kasafai ake samu a kalkulas ba, cewa wannan babban dangi na tambayoyi kowaccensu tana da amsa da za a iya rubutawa da sanannun alamomi. Littattafan Rasha suna kiran ta musanyar da ke aiki ko'ina saboda wannan dalili.

A littattafan Turanci da yawa kuwa, sunan Karl Weierstrass aka liƙa mata, Bajamushen nan da ya rayu daga 1815 zuwa 1897. Amma dabarar ta girme shi. Leonhard Euler ya yi amfani da ita a kan ∫ dx/(a + b cos x), wato uwar tambayarmu ta yau, a littafinsa na kalkulas ɗin intigiral da aka fara bugawa a Saint Petersburg a 1768, kusan shekara hamsin kafin a haifi Weierstrass. Adrien-Marie Legendre na Faransa ma ya bayyana hanyar a 1817, lokacin Weierstrass yana ɗan shekara biyu.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. A ce an nemi filin da ke ƙarƙashin layin nan namu a zagaye ɗaya cikakke, daga x = 0 zuwa x = 2π. Ɗalibin da ya haddace dabarar zai ce: a x = 0, t = tan 0 = 0. A x = 2π, t = tan π = 0. Daga sifili zuwa sifili, amsa sifili. Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa. Kowane mataki da ya bi kamar daidai yake, amma amsar ba za ta taɓa yiwuwa ba. Kosayin ba ya wuce 1, ba ya gaza −1, saboda haka 5 + 4cos x yana tsakanin 1 da 9 a koyaushe, tsayin layin kuma yana tsakanin 1/9 da 1. Layin bai taɓa taɓa ƙasa ba, balle ya nutse. Fili mai faɗin 2π wanda tsayinsa bai taɓa gaza 1/9 ba, girmansa ba zai gaza 0.698 ba. Wannan ɗan gwaji na duba mafi ƙarancin tsayi da mafi yawansa ba ya cin rabin minti, kuma ina ganin ya kamata malamai su mayar da shi wajibi kafin a taɓa kowace dabara.

Zanenmu na da'ira ya riga ya faɗi abin da ya lalace. Mai kallon da ke tsaye a ƙuryar yamma yana iya jan layi zuwa kowane ɗigo a bakin da'irar, ban da guda ɗaya: wurin da shi kansa yake tsaye, x = π. Yayin da ɗigon ke zagayowa ta arewa yana matso shi, layin sai ƙara miƙewa tsaye yake yi. A digiri 170, t ya haura 11. A digiri 179, t ya kai kusan 115. A digiri 180 layin ya tsaya ƙyam, hawansa ba shi da lamba. Da ɗigon ya gota zuwa digiri 181, sai layin ya koma yana kallon kudu, t ya zama kusan −115. Wato t bai tashi daga sifili ya dawo sifili ta hanyar da ya bi ba. Ya haura har ba iyaka, ya ɓullo ta ƙasa daga can inda ba iyaka, sannan ya hauro zuwa sifili. Ya ratsa dukkan lambobi, kowacce sau ɗaya.

Ana ganin tabon wannan a jikin amsar da muka samu. A digiri 179, (2/3)arctan(t/3) yana ba da kimanin 1.03. A digiri 181 yana ba da kimanin −1.03. Filin da ake tarawa ba zai ragu da fiye da 2 a cikin digiri biyu ba, alhali ƙaruwa kawai yake yi. Tsallen na ma'aunin t ne, filin bai san da shi ba.

Gyaran shi ne a raba tafiyar biyu a daidai x = π. A rabin farko t yana tashi daga sifili zuwa ba iyaka, arctan kuma yana kusantar π/2, sai a sami (2/3) sau π/2, wato π/3. Rabi na biyu hoton na farko ne, shi ma π/3. Jimilla 2π/3, kimanin 2.094, kuma ta zauna lafiya tsakanin iyakokin da muka ƙiyasta, 0.698 da 6.283. Girman tsallen da amsar ta yi a x = π shi ma 2π/3 ne daidai. Abin da ɗalibin ya tara a zagayen gaba ɗaya, tsallen ne ya cinye shi, shi ya sa ya tashi da sifili.

Wanda ba ya son raba tafiya yana iya rubuta amsar a wata siga da ba ta tsalle:

x/3 − (2/3)arctan(sin x / (2 + cos x)) + C

A nan 2 + cos x ba ya taɓa zama sifili, saboda haka babu inda lissafin ke yankewa. A saka x = 2π, ɓangare na biyu ya ɓace, a sami 2π/3 kai tsaye. Tsakanin −π da π wannan siga da ta farko abu ɗaya suke bayarwa. Ya kamata masu amfani da manhajojin lissafi su san da wannan, domin ana iya samun amsa daga kwamfuta a sigar tan(x/2), kuma duk wanda ya zuba iyakoki a cikinta ba tare da ya duba ko π na tsakaninsu ba, zai faɗa ramin da ɗalibin nan ya faɗa. Haka abin yake a 3π, 5π da −π, duk inda aka sake zagayowa ta ƙuryar yamma.

Sai dai ba kowace yankewa ce ta ƙarya ba, kuma akwai wani tsohon misali da ke nuna bambancin. A 1569 Gerardus Mercator ya fitar da taswirar duniya wadda matuƙan jiragen ruwa suka so, domin a kanta hanyar da ke bin saiti ɗaya na kamfas tana fitowa a miƙe. Don a sami haka, sai an buɗa taswirar daga kudu zuwa arewa daidai gwargwadon yadda aka buɗa ta daga gabas zuwa yamma, kuma a latitud x wannan buɗawa 1/cos x ce. Nisan kowane wuri daga layin ikwaita a kan taswirar ya zama ∫ dx / cos x ke nan. Edward Wright ya buga jadawalin wannan a 1599 ta hanyar tara ƙananan lambobi da hannu, kuma sai a 1668 James Gregory ya tabbatar da amsar a rubuce, Isaac Barrow ya biyo da hujja mafi sauƙi a 1670. Da dabarar rabin kusurwa aikin layi biyu ne. A juya kosayin, a ninka da farashin canji, 1 + t² ya soke:

∫ 2dt / (1 − t²) = ∫ [1/(1 + t) + 1/(1 − t)] dt = ln|(1 + t)/(1 − t)| + C

Mu sa lambobi, mu ɗauki nisan tsakiyar duniya zuwa bayanta a matsayin ɗaya. Kano tana wajen digiri 12 arewa da ikwaita. Rabin wannan digiri 6 ne, t kimanin 0.105, amsar kuma 0.211. Ainihin nisan a doron ƙasa 0.209 ne, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saint Petersburg tana wajen digiri 60: t kimanin 0.577, amsar 1.317, alhali ainihin nisan 1.047 ne. A digiri 80 taswirar ta kai 2.436 a maimakon 1.396. Wannan ne ya sa tsibirin Greenland ke fitowa kamar ya kai Afirka girma a irin wannan taswira, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

A digiri 90, t = 1, sai 1 − t ya zama sifili, amsar ta tafi ba iyaka. Wannan karon ba laifin ma'auni ba ne. Tun kafin a kawo t, ita kanta 1/cos x ta fashe a digiri 90, shi ya sa babu taswirar Mercator da ke nuna ƙarshen duniya na arewa ko na kudu. Hanyar bambance su ita ce a koma ga tambayar ta asali. Idan ƙasan kason na asali ya zama sifili a wurin, yankewar ta gaske ce, kuma za ta bayyana a matsayin wata lambar t da ke mayar da sabon ƙasan sifili. Idan kuwa tambayar asali lafiya lau take a x = π amma amsa ta yi tsalle, to tan(x/2) ne ya kawo tsallen, sai a raba tafiya.

Akwai kuma wata gaskiya da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: kasancewar dabarar tana aiki ko'ina bai sa ta zama abin fara ɗauka ba. A gwada ta a kan ∫ sin³x dx. Za a sami 16t³/(1 + t²)⁴, abin da zai ci rabin shafi kafin a ga ƙarshensa, sannan a sha wahalar mayar da amsar cikin sayin da kosayin. Alhali da an ware sin x ɗaya, an rubuta sauran a matsayin 1 − cos²x, an ce u = cos x, da an gama a layi biyu da −cos x + cos³x/3 + C. Kowane sayin ko kosayin da aka musanya yana shigo da t² nasa, saboda haka ƙarfin t yana ninkuwa da sauri. Gwajin da ya dace a fara yi shi ne na alama. Idan sauya alamar sin x kaɗai ya juya alamar ƙa'idar gaba ɗaya, u = cos x zai wadatar. Idan sauya alamar cos x ne ya juya ta, u = sin x. Idan an sauya alamar dukansu biyu ƙa'idar ba ta motsa ba, kamar a 1/(1 + sin²x), to u = tan x ya fi sauƙi. Sai duk ukun nan sun gaza ake kiran rabin kusurwa. A 1/(5 + 4cos x) sun gaza ɗin, domin 5 na zaune ba ruwansa da alama, 4cos x kuma yana juyawa. Irin wannan cakuɗa ta lamba tsura da sayin ko kosayin mai ƙarfi ɗaya a ƙarƙashin layi, ita ce alamar da ke nuna lokacin dabarar ya yi.

Iyakarta ta ƙarshe kuwa tana cikin sharaɗin da muka gindaya tun farko: tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa kaɗai. Idan x ya fito tsirara a gefen sayin, kamar a x sin x, musanyar za ta mayar da shi 2arctan t, ba a kuma sami kason aljabara ba. Idan tushen murabba'i ya rufe sayin ɗin, lamarin ya fi haka tsanani. Tsawon kewayen da'irar da aka matse ta zama kamar ƙwai, irin hanyar da duniyoyi ke bi a kewayen rana, yana buƙatar intigiral ɗin √(1 − k²sin²x), inda k ke nuna yawan matsewar. A zuba t a ciki, za a ga tushen bai tafi ba, sai ma ya rufe jeri mai kaiwa har t⁴. Layi da da'ira suna haɗuwa a wuri biyu ne kawai, shi ya sa sanin ɗaya ya ba mu ɗayan kyauta. Lanƙwasar da ke bayan wannan tushe ba ta da irin wannan sauƙi, kuma an tabbatar a ƙarni na 19 cewa idan k yana tsakanin sifili da ɗaya, babu wata musanya da za ta rubuta amsar da kason aljabara, logaritim da arctan. Legendre ya shafe kusan shekara arba'in a kan waɗannan intigiral, ya rarraba su gida uku, ya kuma buga jadawalin ƙimominsu da ya lissafa da hannu.